Asalin Kalmar Fc

Wannan laƙabi asalinsa aikin wani malami Ba'ingile, Rodney Porter, wanda a shekarar 1959 ya ɗauki imunogulobulin na zomo, wato makamin da jini ke kama cuta da shi, ya yanka shi da sinadarin da ake samu a ƙaron gwanda, sai ya rabu uku. Siffar makamin kuwa ta gwafa ce, an gina ta da sarƙoƙi huɗu, biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi. Bakin kowane reshe, inda mai nauyi ta haɗu da marar nauyi, tsarinsa yana saɓawa gwargwadon cutar da zai kama. Rassan nan biyu su ne gutsure biyu daga cikin ukun. Amma na ukun, wato gindin, da yake wutsiyoyin masu nauyin ne kaɗai, kusan iri ɗaya, sai ya daskare ƙwaya-ƙwaya. Saboda haka aka kira shi Fc: F na nufin gutsure, c kuma mai daskarewa, suna da bai faɗi komai game da aikinsa ba.

Alhali kuwa gindin nan shi ke kiran ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, kuma idan aka yi wa mai juna biyu allurar rigakafin sarƙe-haƙora a asibiti, ta gindin ne mabiyiya ke riƙe makamin, ta ƙetarar da shi zuwa jinin ɗan tayi.