Yadda ake tsara sitikar jikin kwalba: awo, girman rubutu da rage kuɗin bugu

Sitikar da ake mannawa a jikin gorar zoɓo, kunun aya ko kwalbar zuma ƙaramar takarda ce, amma ana son ta ɗauki sunan kaya, bayanan da doka ta wajabta, kuma ta karantu daga nesa. Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne fara shi daga zane a kan kwamfuta. Tsari mai kyau daga awo yake farawa: awon jikin gora, sannan awon takardar da za a buga a kai.

A ɗauki misalin 'yar kasuwa da za ta buga sitika 500 domin gorar zoɓo mai kaurin santimita 6. Kewayen irin wannan gora ya kusa santimita 19, amma mai saye ba ya iya karanta fiye da kusan sulusinsa ba tare da ya juya ta ba. Ke nan faɗin sitikar gaba bai kamata ya wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Tsayinta kuwa ya dogara ga sashen gorar da yake a miƙe sumul, domin duk sitikar da ta hau kafaɗar gora ko ta faɗa kan zobban da ke jikinta za ta yamutse, gefenta ya ɗaga. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanki farar takarda, a naɗa a jikin gorar, a rage ta har sai ta kwanta lafiya, sannan a auna.

Daga nan sai lissafin kuɗi. Masu bugun zamani kan yi ciniki ne a kan kowace takarda, don haka yawan sitikar da takarda ɗaya za ta ɗauka shi ne ainihin farashi. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsayin 297. Idan aka cire kimanin milimita 5 a kowane gefe, inda yawancin firintoci ba sa kaiwa, saura 200 da 287. Sitika mai faɗin milimita 65 da tsayin 40 za ta shiga sau 3 a kwance, sau 7 a tsaye, wato guda 21. Mai faɗin 60 ma guda 21 ɗin za ta bayar a irin wannan jeri, saboda haka a cikinsa ƙarin milimita 5 ɗin kyauta ne.

Wannan lissafi yana aiki ne idan gefen sitikar fari ne, ta yadda wuƙa ɗaya za ta raba biyu. Idan launi ya cika ta har baki, dole a bar rarar launi ta kamar milimita 2 a kowane gefe, don kada kaucewar wuƙa ta bar farin layi. A nan kowace sitika za ta ci milimita 69 da 44, kuma ko an juya jerin, 16 kawai takardar za ta ɗauka. Sitika 500 za su ci takarda 24 a tsarin farko, 32 a na biyu. Launin da ya cika baki ya ƙara sulusin kuɗi ke nan, kafin a zo ga batun tawada.

Yanzu ga abin da za a rubuta. Hukumar NAFDAC tana buƙatar kayan abinci da na sha da aka ƙunshe su nuna sunan kayan, jerin kayan haɗi, yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai sarrafawa, lambar rukunin da aka yi, ranar yi da ranar ƙarewar amfani, da lambar rajistar hukumar. Ana rubuta su da Turanci, ana kuma iya ƙara wani harshe. Lambar rajista ta wanda aka ba ce kaɗai. Kwafo ta daga kayan wani laifi ne.

A sitikar misalinmu, bayan an bar milimita 3 fanko a kowane gefe, filin rubutu ya zama milimita 59 da 34. Ana iya ba sunan kaya milimita 10, yawan abin da ke ciki 4, wurin hatimin kwanan wata 4. Saura 16. Rubutu mai girman `6 pt`, tare da tazarar da ke tsakanin layuka, yana cin kusan milimita 2.6 a kowane layi, kuma layin yana ɗaukar haruffa 55 ko kusa da haka. Layi shida ke nan, kalmomi hamsin da 'yan kai. Kayan haɗi, adireshi, lambar rajista da umarnin a ajiye a wuri mai sanyi sun isa su cinye su. Kirarin talla da lambobin waya uku ba su da mazauni a nan, kuma su ne ya kamata a sadaukar maimakon a matse rubutu. Barin gurbin kwanan wata fanko dabara ce ta tattali: bugu ɗaya zai yi wa rukuni da yawa hidima.

Ƙasa da `6 pt` kasada ce. Tarayyar Turai, alal misali, ta ƙayyade cewa tsayin ƙaramin harafi irin x kada ya gaza milimita 1.2 a kan kayan abinci, ko 0.9 a ƙananan mazubai. A salon rubutu na Arial, `6 pt` yana ba da kimanin 1.1, `7 pt` kuma ya haura 1.2. Ma'auni ne mai amfani ko ga wanda ba ya fitar da kaya waje, musamman da yake yawancin masu saye a shago mai ƙarancin haske suke karantawa.

Girma kaɗai ba ya wadatarwa. Salon rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki yana narkewa idan ya ƙanƙance, don haka a bar shi ga sunan kaya in ma dole ne. Ƙananan haruffa su zama baƙi tsantsa, wato `K 100` a ma'aunin `CMYK`, domin baƙin da aka haɗa daga tawada huɗu yakan fito da inuwa idan injin ya ɗan kauce. Farin rubutu a kan launi mai duhu ya fi saurin toshewa, tun da tawada na malala ta cinye siraran layuka. Idan ana son sa, a ƙara masa girma da kauri. Sitika mai garai-garai tana da sha'awa a ido, amma baƙin rubutu a kanta ɓacewa yake yi da zarar jan zoɓo ya tsaya a bayansa.

Mai rubuta suna da Hausa ya lura da haruffa masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfutar maɗaba'a ta musanya su da akwati ko da harafin wani salo. Maganinsa shi ne a mayar da rubutun zane kafin a aika, da umarnin `Convert to Curves` a CorelDRAW, sannan a fitar da shi a matsayin `PDF`. Hoto ko tambari ya kasance `300 dpi` a girman da za a buga shi. Idan ta WhatsApp za a tura, a zaɓi `Document`, domin hoton da aka tura kai tsaye manhajar na rage ingancinsa, kuma ƙananan haruffa ne ke fara dusashewa.

Kayan da za a buga a kai ya danganta da inda gorar za ta zauna. Sitikar takarda ta fi arha, kuma ta wadatar ga yaji ko garin kunu. Gorar da za ta shiga firji ko kular ƙanƙara kuwa gumi take yi, takarda ta jiƙe ta saɓule, tawadar firintar gida ta zuba. Ita tana buƙatar sitikar roba. Ko ita ɗin ma a manna ta a kan busasshiyar gora kafin a sanyaya, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Man shafawa da man gyaɗa suna ratsa takarda su bar tabo, sai a nemi a lulluɓe sitikar da leda mai sheƙi.

Kafin a biya kuɗin takarda 24, a buga guda ɗaya da zaɓin `Actual size`, a auna da rula a tabbatar 65 da 40 ne suka fito. A manna ɗaya a gora cike da zoɓo, a duba ko sunan yana karantuwa daga taku biyu, ƙananan bayanai kuma daga tsawon hannu. Sannan a jefa gorar cikin ruwan ƙanƙara ta kwana, da safe a murza rubutun da babban yatsa. Idan tawada ta biyo yatsan ko kusurwa ta ɗaga, a sauya takardar tun kafin a buga sauran.