Daga Allunan Gefen Titi Zuwa Yatsan Mai Waya: Tarihin Labarin da Ake Ja Shafi-Shafi

Mu da muke tsara hotunan talla da labarai don Instagram muna da wata sana'a a cikin sana'ar, wato a raba labari ɗaya gida bakwai ko goma, kowane shafi ya ƙara wa mai kallo ƙaguwa, sai a na ƙarshe a fasa ƙwan. Matasan da suka shigo aikin kwanan nan suna zaton da wayar hannu aka haifi wannan dabara. Ta girmi wayar nesa ba kusa ba, kuma sanin inda ta fito shi ne ke nuna dalilin da ya sa wasu ke iyawa, wasu kuwa suke ɓata wa mutane lokaci.

A Amurka, daga 1925 zuwa 1963, kamfanin wani man aski mai suna Burma-Shave ya riƙa kafa ƙananan alluna a jere a gefen titi, galibi guda shida. Kowane allo yana ɗauke da 'yan kalmomi, direba ya karanta ɗaya, ya ɗan yi gaba ya karanta na biye, sai a allon ƙarshe ya ga sunan kayan. Tazarar da ke tsakanin allunan ita ce ke haifar da ɗoki, domin direba ba shi da hanyar leƙa ƙarshen zance kafin ya isa wurin.

Daga titi dabarar ta koma ɗakin taro, inda na'urar haska hotuna ta Kodak Carousel ta yi zamaninta tun daga shekarun 1960, sannan PowerPoint ya fito a 1987. Misalin da har gobe muke koyar da sababbin shiga da shi shi ne na ranar 9 ga Janairu, 2007, a San Francisco. Steve Jobs ya ce zai gabatar da kayayyaki uku: iPod mai faffaɗan allo da ake taɓawa, da wayar hannu, da na'urar shiga intanet. Ya yi ta maimaita su, alamominsu uku suna juyawa a allon da ke bayansa, har mutane suka fara ganewa da kansu, sannan ya faɗa musu cewa na'ura ɗaya ce, iPhone. Abin lura a nan shi ne, bai ɓoye komai ba. Ya ba su duk abin da za su haɗa, ya bar su suka kusa cankowa, sannan ya tabbatar.

A waɗannan zamunna biyu, mai ba da labari ne ke riƙe da lokaci. Abin ya sauya a Fabrairun 2017, lokacin da Instagram ya ba kowa damar sa hotuna ko bidiyo har goma a wallafa ɗaya, a watan da WhatsApp ma ya fito da sitatus mai hotuna. Daga nan linzami ya koma yatsan mai kallo. Shi ke ja, shi ke tsayawa, kuma yana iya wucewa ba tare da ya yi sallama ba.

Da farko ba mu ɗauki abin a matsayin labari ba. Rumbu muka mai da shi, hotunan biki goma ko kalar atamfa goma, wanda aka sa a farko da wanda aka sa a ƙarshe duk ɗaya. Wajen 2019 masu zane suka fara rubuta darussa a kan shafukan, jimla ɗaya ko biyu a kowanne, a 2020 kuma salon ya bazu wajen masu wayar da kai. Sai kuma aka shiga zamanin yaudara: a rubuta "ka ja zuwa ƙarshe ka sha mamaki", a cika tsakiya da shafukan da ba su ce komai ba, a ƙarshe ka tarar da lambar waya. Masu kallo sun gane, suka koyi zazzaga shafukan da gudu su leƙa na ƙarshe. Da Instagram ya ɗaga adadin zuwa 20 a 2024, masu wannan hali sai suka ƙara samun filin ɓata lokaci.

Ga yadda masu aikin kirki ke yi yanzu, da misalin wani aiki da na tsara wa mai wankin hula. Shafi bakwai ne, duk a girman 1080 da 1350, domin girman shafin farko shi sauran ke bi. Na farko hoton tsohuwar hula ce da ta yi dauɗa ta lanƙwashe, da rubutu cewa wani saurayi ya kawo ta ranar Laraba, ya ce lallai ya karɓa kafin Asabar. Na biyu ya nuna cikinta kusa-kusa, zaren ya fara sakewa, an kuma rubuta cewa masu wanki biyu sun ƙi karɓarta. Na uku ya ce hular ta mahaifinsa ce, wanda ya rasu. A na huɗu an jiƙa ta, ruwan ya fara ɗaukar launi, wanda shi ne abin da kowane mai wanki ke tsoro. Na biyar tana kan itacen da ake ɗora hula ta bushe, ga hadari ya haɗu ranar Juma'a. Na shida hannu ne kawai yana miƙa leda, ba a ga abin da ke ciki ba. Na bakwai saurayin ne sanye da hular a wurin ɗaurin aurensa.

Kowane shafi a nan ya biya mai kallo wani abu sabo, ya kuma bar masa tambaya ɗaya. Haɗarin ma hawa yake yi, daga dauɗa zuwa yagewa, zuwa zubar launi, zuwa ƙurewar lokaci. Asabar ɗin da aka ambata tun shafin farko ita ce ta sa ƙarshen ya zauna daram, domin mai kallo zai ce ashe shi ya sa yake gaggawa. Da hula mai tsabta kawai muka nuna, da babu wanda zai yi mamaki, ai kowa ya san wanki ke fitar da dauɗa.

Shafi na biyu yana buƙatar kulawa ta musamman. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya wuce wallafa bai ja ba, sau da yawa manhajar kan sake nuna masa ita daga shafi na biyu. Saboda haka dole na biyun ya iya tsayawa da ƙafarsa, wanda bai ga na farko ba ya fahimci inda aka dosa.

Hanyar gane inda labari ya yi rauni ba ta da wuya. Ka fara sa shafukan a sitatus na WhatsApp, inda kowane hoto ke nuna adadin waɗanda suka gan shi. Raguwa kaɗan-kaɗan ba laifi ba ce. Amma idan adadin ya faɗi warwas tsakanin na uku da na huɗu, to na ukun ne ya amsa tambayar da wuri, ko kuma bai ƙara komai ba. Sai ka cire shi ko ka haɗe shi da na kusa da shi.

Dabarar tana da iyaka. Labarin rasuwa, ko gargaɗin ambaliya, ko farashin kaya, ba a ja wa mutane rai a kansu, a shafin farko ake faɗa. Ga wanda kuma yake da labarin da ya cancanci jan rai, shawarata ita ce ya fara tsara shafin ƙarshe, sannan ya dawo baya yana tambayar kowane shafi abin da ya ƙara. Wanda bai ƙara komai ba, a fitar da shi, ko da manhajar ta ba da gurbi 20.