Daga Sirinji Zuwa Tanki: Hisabin Tawada a Shagunan Buga Takardu na Batsari

Kafin kwamfuta ta shigo ƙasar Ruma, duk wanda ke da ƙorafin da zai kai gaban alƙali, ko takardar neman aiki da zai miƙa sakatariyar ƙaramar hukuma, sai ya nemi mai tafireta, wanda ba ya da wata mas'ala ta tawada face zaren ribon da yakan ja shi watanni, alhali makarantu kuwa da sitensil suke gurza tambayoyin jarrabawa. Mu da muka buɗe shagunan da ake kira bizines santa a Batsari da Safana bayan zuwan wayar salula a 2001, mu ne muka fara sanin cewa na'ura tana iya zama mai arha ranar saye, sa'an nan ta cinye uwar kuɗi da riba a hankali.

Firintar da akasarinmu muka fara da ita ƙaramar HP DeskJet ce mai katirij biyu, ɗaya baƙi, ɗaya mai launi uku a haɗe, kuma illarta ba ta bayyana sai katirij ɗin da ya zo da ita ya ƙare. Har yau ƙaramin katirij baƙi irin HP 123, kamfanin da kansa shafi wajen 120 ya ƙiyasta masa, mai launin kuwa wajen 100, kuma da zarar launi ɗaya ya ƙare a cikin ukun, to sauran biyun sun zama asara. Saboda haka muka koma ga sirinji: a ɗaga takardar da ke bisa katirij, a tsira allura cikin soson da ke ciki, a ɗura tawadar da aka sayo a Kano ko Katsina. Dabarar takan yi aiki 'yan lokuta, amma da yake bakin fesa tawadar a jikin katirij yake, kuma da zafi yake aiki, tawadar ce ke sanyaya shi, in aka kuskura aka buga da shi a bushe sai ya ƙone, daga nan ko an cika shi fal, rubutu ba zai fito sai da fararen layuka. A wancan zamani da yatsu ake gane ɗan sana'armu.

Masu ɗan ƙarfi suka koma ga leza, musamman LaserJet 1020 mai tona 12A ta shafi 2,000, da P1102 mai tona 85A ta shafi 1,600, waɗanda ake sake cika su da gari. Masu aikin launi kuwa suka ɗaura wa firintocinsu tankunan waje da siraran tiyo, abin da kamfanoni suka ƙi da farko, har Epson ta ga ba makawa, ta fito da nata tankin a Indunusiya a 2010, Canon da HP suka biyo baya. Ga wanda ya yi shekaru yana lallaɓa katirij, kwalbar Epson 103 mai mililita 65, wadda aka rubuta wa baƙarta shafi 4,500, ta zo kamar almara, domin sai an tara ƙananan katirij 37 da rabi kafin a kamo ta.

Sai dai wajibi ne mai shago ya fahimci asalin waɗannan alƙaluma kafin ya gina hisabinsa a kansu. Na katirij ɗin tawada ana samo su ne bisa ƙa'idar ISO/IEC 24711, inda ake buga wasu shafuka biyar ƙayyadaddu ana ta maimaitawa, kusan ba tsayawa, har tawada ta ƙare. Ta leza baƙa kuwa, ISO/IEC 19752, shafinta tawada ba ta rufe fiye da wajen kashi 5 cikin ɗari ba. Aikinmu ba haka yake ba. Silif ɗin JAMB yana da hoto da tambari, katin ɗaurin aure launi ne tun daga sama har ƙasa, kuma duk lokacin da aka wanke kan firinta, tawada ce ke tafiya ba tare da an buga ko harafi ba. Al'adata ita ce in zubar da sulusin abin da aka rubuta a kwali, in yi lissafi da saura.

Tun da farashi ba ya zama wuri guda, musamman bayan an saki Naira a 2023, bari mu ƙaddara alƙaluma don misali kawai, mai karatu ya sauya su da na kasuwar ranarsa. Mu ce katirij baƙi Naira 20,000 ne, kwalbar baƙar tawada kuma 12,000. In an cire sulusi, katirij zai ba da shafi 80, wato tawadar kowane shafi ta tashi Naira 250, kwalba kuwa shafi 3,000, wato Naira 4. Mu ƙara Naira 10 kuɗin takarda, bisa ƙaddarawar rim mai falle 500 yana kan 5,000. Idan ana buga wa jama'a shafi a kan Naira 100, mai katirij yana ciko 160 daga aljihunsa a kowane shafi, mai tanki kuwa 86 ta rage masa kafin a cire wuta da haya da haƙƙin yaron shago. To, ko da firintar tanki ta fi tsada da Naira 150,000, bambancin 246 a kowane shafi zai mayar da wannan kuɗi a wajen shafi 610, wato rim guda da 'yan kai, abin da shagon da ke da ciniki zai iya bugawa cikin ɗan lokaci in an buɗe rajistar jarrabawa.

Amma tanki yana da sharaɗi, kuma nan ne sababbin shiga suke tuntuɓe. A firintar Epson kan bugawa ba ya tafiya da tawada, a jikin na'ura yake zaune, shi ne mafi tsadar abin da ke cikinta, kuma ba abin da ya ƙi kamar zaman banza, musamman cikin bushewar hunturu. Mun ga haka ƙuru-ƙuru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro: aikin intanet ya tsaya, wasu suka rufe shago, da suka dawo sai suka tarar leza ta tashi kamar jiya aka kashe ta, tanki kuwa ya toshe. Alamar toshewa ana ganinta a gwajin `Nozzle Check`, inda layuka kan fito da giɓi. Magani kuwa shi ne a wanke sau ɗaya ko biyu, a bar na'ura ta huta sa'o'i, domin yawan wankewa yana cika soson da ke shanye tawadar da aka zubar, har na'ura ta kulle kanta sai an kai ta wurin mai gyara. Haka nan barin tawada ta sauka ƙasa da layin tanki yana shigar da iska cikin tiyo, kuma tawadar jabu, wadda arharta ke ruɗin mutane, ita ce ta fi kashe kan bugawa.

Akwai kuma batun ruwa: tawadar 103 rini ce, ɗigo ɗaya na damina yana iya ɓata takarda, don haka yarjejeniyar cinikin gona ko duk abin da za a adana shekaru, a ganina leza ce ta cancance shi. Ita kuma leza nata aibin wuta ne, domin sai ta gasa gari a kan takarda, tana jan ɗaruruwan wat lokacin bugawa, alhali ƙaramar firintar tanki ba ta wuce goma sha wani abu ba, bambancin da ya zama babba tun da fetur ya yi tsada a 2023 aka koma ga sola. Shi ya sa shagon da ya kafu a yau za ka same shi da leza ta hannu don baƙin rubutu mai yawa, da tanki don launi da fasfo da lokacin da batir ya yi ƙasa, firintar katirij kuwa ta koma ofisoshin da ba su buga fiye da 'yan wasiƙu a wata.