Samo Amsoshin Tarko daga Kurakuran Ɗalibai: Nazari a kan Babin Tara Ɓangarori

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake fitar da tambayoyin zaɓin amsa, waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka, daga babi guda na littafin karatu. An ɗauki babin tara ɓangarori a lissafin firamare a matsayin zakaran gwajin dafi. Hujjar maƙalar ita ce, amsar tarko mai aiki ba daga kan malami take fitowa ba, daga kurakuran ɗalibai ake samo ta, kuma duk tarkon da ba a iya faɗin kuskuren da yake kamawa ba shi da gurbi a takarda.

Gabatarwa

Tambayar zaɓi tana da uwar tambaya, da amsar gaskiya, da amsoshin tarko. JAMB da WAEC suna ba da zaɓi huɗu, NECO kuma biyar, shi ya sa malamin da ke shirya tambayoyin bita yake jin dole ya cika wannan adadi. A nan gizo ke saƙa. Uwar tambaya da amsarta suna cikin littafi, kwafowa kawai za a yi. Tarko kuwa littafi ba ya kawo shi, sai malami ya jefa duk lambar da ta faɗo masa a rai.

Binciken da Michael Rodriguez ya wallafa a 2005, wanda ya tattaro nazarce-nazarcen shekara 80, ya nuna cewa zaɓi uku ya wadatar a mafi yawan lokuta, domin da wuya a sami tambayar da tarkonta fiye da biyu suke aiki da gaske. Saboda haka yawan tarko ba shi ne abin nema ba.

Hanyar Aiki

Kafin a rubuta ko tambaya ɗaya, sai a karanta babin ana neman abin da yake so ɗalibi ya iya yi. Babin tara ɓangarori yana neman abu uku: daidaita lambobin ƙasa, sauya lambobin sama yadda za su dace, da rage amsa zuwa mafi sauƙin siga. Daga nan sai a ba aji tambaya biyar ko shida ba tare da zaɓi ba, kowa ya nuna aikinsa a takarda. Abin da ake farauta a takardun shi ne amsoshin da ba daidai ba, musamman waɗanda suka maimaitu. Wanda ba shi da lokacin yin haka, ya buɗe littattafan aikin gida na ajin bara, kurakuran suna nan a ƙarƙashin jan biro.

Misali da Sharhi

A ɗauki tambayar da kusan kowane malami zai fara da ita: rabi a tara da sulusi, 1/2 + 1/3. Amsa 5/6 ce. Sanannen kuskure shi ne yaro ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sami 2/5. Ba sakarci ne ya kai shi nan ba. Ƙa'idar tara cikakkun lambobi da ya ƙware a kai ce ya ɗauko ya kawo inda ba ta aiki. Wani kuma zai gano cewa 6 ce lambar ƙasa, amma ya manta sauya na sama, ya rubuta 2/6. Waɗannan tarkuna ne na ƙwarai, kowanne da sunan kuskurensa.

Na ukun ne ke da matsala. Idan yaro ya ninka, zai sami 1/6. Idan ya ɗebe maimakon ya tara, 1/6 ɗin dai zai samu. Malamin da ya ga yara goma sun zaɓi 1/6 bai san wanne ciwo zai yi wa magani ba. Laifin lambobin ne, don haka su za a canza.

A mayar da tambayar 2/3 + 1/4. Yanzu kowane kuskure ya kama hanyarsa:

A. 3/7
B. 11/12
C. 3/12
D. 5/12

A na wanda ya tara sama da ƙasa ne, C na wanda ya daidaita ƙasa ya bar sama, D na wanda ya ɗebe, B kuma ita ce amsa. Wanda ya ninka zai sami 2/12, wadda ba ta cikin jerin, kuma rashin ganinta zai sa ya sake duba aikinsa.

Akwai abin lura a wannan jeri. Ɗalibin da ya goge da jarrabawa amma bai iya lissafin ba yakan nemi zaɓin da ya fi kama da sauran. Zai ga 12 ta fi yawa a ƙasa, 3 ta fi yawa a sama, sai ya faɗa wa 3/12. Da a ce 11 ce ta maimaitu a sama, da jerin da kansa ya tona asirin amsa. Sai dai C tana da rauni: ba a rage ta zuwa 1/4 ba, kuma mai wayo ya san amsar littafi takan zo a rage. Ra'ayina shi ne a bar ta haka a tambayar bita, domin a wannan sigar take fitowa daga hannun mai kuskuren, kuma shi ake son kamawa. Wani zai ce ai ana iya gano B ba tare da lissafi ba, tunda ita kaɗai ta fi 2/3 girma. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Yaron da ya san cewa jimla ba ta gaza abin da aka fara da shi ya fahimci ɓangare fiye da wanda ya haddace matakai.

Gwada Tarko

Bayan aji ya amsa, ƙirga ce za ta nuna ko tarko ya yi aiki. Ƙa'idar da masu auna jarrabawa suka saba bi ita ce, tarkon da ƙasa da kashi 5 cikin 100 suka zaɓa ba ya aiki. A ajin ɗalibai 60, wannan na nufin ƙasa da mutum 3. Sannan a ware kashi 27 cikin 100 na sama da na ƙasa bisa jimlar maki, kamar yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939, wato ɗalibai 16 a kowane gefe. A ƙaddara 14 daga na sama sun zaɓi B, 6 daga na ƙasa su ma haka. Ma'aunin bambancewa shi ne (14 − 6) ÷ 16 = 0.5, alamar tambayar tana raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. Idan kuwa aka ga na sama sun fi na ƙasa faɗawa wani tarko, to a zargi tambayar kafin a zargi yara: ko dai lafazinta na da harshen damo, ko tarkon yana da gaskiya a ciki. A tuna cewa mutum 16 kaɗan ne, sauyin ɗalibi biyu yana motsa ma'aunin sosai, don haka sai an gwada a aji fiye da ɗaya kafin a jefar da tambaya.

Haɗarin Tarko Mai Kyau

Tarko mai kama da gaskiya yana iya zama a kai. Roediger da Marsh sun nuna a 2005 cewa ɗalibai kan dawo da amsar tarko da suka gani a matsayin amsa idan aka sake tambayarsu daga baya. Butler da Roediger kuma sun nuna a 2008 cewa bayyana wa ɗalibi amsar gaskiya bayan gwaji yana rage wannan illa. Don haka takardar bita ba ta kammala ba sai an haɗa ta da bayanin kowane tarko, ba jerin haruffa kawai ba. Ga wanda ya zaɓi A, layi biyu sun isa: a ce ya zana sanda biyu masu tsawo ɗaya, ya raba ɗaya gida uku ya shafe biyu, ya raba ɗayar gida bakwai ya shafe uku, sannan ya faɗi yadda aka yi ƙari ya sa abin ya ragu.