Kwalbar allura

kwalbar allura (suna, mace, jam'i: kwalaben allura). Ƙaramar kwalbar gilashi mai ɗauke da maganin allura. Akwai mai murfin roba da ake hudawa a zuƙo, akwai wadda ake karya wa wuya, ita kuwa ba a ajiye ragowarta. Rubutun jikinta na faɗin ƙarfin magani da hanyar shigarsa: IM cikin tsoka, IV cikin jijiya. Idan an rubuta 40 mg/ml a kwalba mai 2 ml, to 80 mg ke ciki, a nan mutane ke ruɗewa. Kwalabe kan yi kama da juna. Sinadarin KCl fari ne tas kamar ruwan haɗa allura, amma in aka tura shi jijiya ba a sirka ba, zuciya na iya tsayawa. Don Allah a bar wa ma'aikacin lafiya.