Minti ashirin a Amsterdam: yadda aka gano hanya mafi kusa

A shekarar 1956, wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra yana aiki a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam. Cibiyar ta ƙera sabuwar kwamfuta, ARMAC, ana kuma son a gwada ta a gaban jama'a da tambayar da kowa zai gane. Sai ya zaɓi wannan: wace hanya ce mafi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen? Daga baya ya ba da labarin cewa sun fita sayayya ne da budurwarsa, gajiya ta kama su, suka zauna shan kofi. A nan ya tsara dabarar a ka, cikin kamar minti ashirin, ba biro ba takarda. Taswirar gwajin garuruwa 64 ce. Rubutun kansa bai fito ba sai 1959, a mujallar Numerische Mathematik, shafi uku kacal.

Masu lissafi suna kiran irin wannan taswira giraf: ɗigo-ɗigo su ne garuruwa, layukan da ke haɗa su hanyoyi, kowace hanya da nauyinta, wato tsawonta. Mu ɗauki garuruwa biyar. Daga A zuwa B kilomita 7, A zuwa C 2, C zuwa B 3, C zuwa D 8, B zuwa D 1, D zuwa E 5. Daga A za mu tashi.

A yau da layin fifiko ake yin aikin. Layi ne da ba ruwansa da wanda ya riga zuwa. Mai ƙaramar lamba shi ake kira. A ne ke fara fitowa da sifili, ya saka maƙwabtansa: C da 2, B da 7. Sai C ya fito, a rufe lissafinsa. Ta C ana isa B da 5, wanda ya fi 7 ɗin farko sauƙi, ana isa D da 10. Ga yadda layin ke canzawa:

```
A=0   (2,C) (7,B)
C=2   (5,B) (7,B) (10,D)
B=5   (6,D) (7,B) (10,D)
D=6   (7,B) (10,D) (11,E)
E=11
```

A lura da B mai 7 da D mai 10 da suka maƙale a layi. Tsofaffin lambobi ne da aka riga aka sami waɗanda suka fi su. Idan aka kira su, sai a duba a ga an rufe garin, a watsar. Wanda ya manta da wannan dubawa a shirinsa yakan sami amsa daidai, amma kwamfutar za ta yi ta bin hanyoyin da ta riga ta gama da su. Sakamakon dai: A, C, B, D, E, kilomita 11. Hanyar A zuwa B kai tsaye, wadda ido ya fara gani, ba a bi ta ba sam.

Me ya sa ake rufe gari da zarar ya fito, ba a sake waiwayarsa? Lokacin da C ya fito da 2, duk wata hanya dabam zuwa C dole ta ratsa wani gari da ke cikin layi, kuma kowannensu ya riga ya kai 2 ko ya wuce. Ƙarin tafiya ba ta rage nisa. A ganina nan ne duk hikimar take, nan ne kuma iyakarta. A ce hanyoyi uku ne kawai, kowace mai zuwa ba dawowa: A zuwa C 2, A zuwa B 7, B zuwa C kuma −6, kamar yadda ake samu idan riba da asara ake lissafawa. Za a rufe C a kan 2, alhali ta B 1 ne. Irin wannan sai dabarar Bellman da Ford.

Abin da akan manta shi ne, Dijkstra bai yi amfani da layin fifiko irin na yau ba. Duba duk garuruwan da suka rage ake yi a nemo mafi kusa. Ga garuruwa 64 wannan ba komai ba ne, dubawa ba ta wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Ga mahaɗar hanyoyi miliyan ɗaya kuwa, miliyan sau miliyan ake magana.

Sauƙin ya zo a 1964, lokacin da J. W. J. Williams ya fito da tsarin tsibi, inda ake jera lambobi hawa-hawa, kowace tana saman biyu da ba su gaza ta ba, ƙaramar duka tana can ƙololuwa. Tsibin abu miliyan ɗaya hawansa kusan 20 ne, don haka sakawa ko cirewa ba ta wuce hawa ko sauka ashirin. A 1984 Michael Fredman da Robert Tarjan suka kawo tsibin Fibonacci, wanda a takarda ya fi sauri wajen rage lambar gari. Amma hidimarsa da yawa, shi ya sa masu rubuta shiri har gobe suka fi komawa ga tsibin Williams, su bar tsofaffin lambobi a layi kamar B mai 7 ɗin nan.