Gaisuwa Mai Yawa: Yadda Wasiƙar Kadawa Ta Sauya Tun Kafin Ruwan Tiga

Duk wanda aka taɓa zaunar da shi a zaure aka ce ya rubuta wa ɗan'uwa wasiƙa ya san cewa gaisuwa ce ke cinye takardar. Kafin a kai ga "bayan haka" shafi ya kusa cika, abin da ya rage kuma bai wuce layi uku ko huɗu ba. 'Yan makarantar da ake sa wa wannan aiki sukan ƙosa, suna ganin tsofaffi na ɓata takarda. Ni kuwa ina ganin gaisuwar ita ce labarin, kuma mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam sun san abin da suke yi.

Tun kafin boko, mutanen wannan yanki suna da dangi a nesa. Akwai fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro har suka zauna a zangon Kumasi. Akwai maniyyata da suka nufi gabas a ƙasa, suna tafiya suna aiki, wasu suka tsaya a Sudan suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka fara ba su ruwa daga madatsar Sennar a 1925. Wasiƙar da ke bin irin waɗannan mutane malami ne ke rubuta ta da tawada, da Larabci ko ajami, a naɗe a ba matafiyi. Tana iya yin watanni a hanya, tana iya isa bayan mai ita ya tashi zuwa wani gari. Saboda haka ba a cika ta da labarin da zai tsufa, irin farashin gero. Abin da ake so ya sani shi ne waye ke raye, waye ya yi aure, wa aka haifa. Da aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, daga baya kuma makarantun UPE a 1976, alƙalamin ya koma hannun malamin firamare da yaran gida, amma tsarin na da bai canza ba: "Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci," a ƙarshe kuma "haza wassalam."

Abin da ya canza shi ne labarin gona. A da, wasiƙar damina takan ce ruwa ya sauka, yabanya ta yi kyau, ta rani kuwa sai ta lissafa samarin da suka tafi cin rani. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka gina madatsar Tiga aka gama ta a 1974, sannan hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin bayan kafa ta a 1976. Daga nan sai sababbin jimloli suka shiga takarda: an saki ruwa, mun shuka alkama, sanyi ya yi mata daɗi, tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan. Wanda ya bar gida yana tsinkar auduga a bakin magudanan Jazira sai ga shi yana karanta cewa irin waɗannan magudanai sun ratsa gonar mahaifinsa. Tambayar da ba ya iya yi kai tsaye ita ce, da aka sake yanka filaye, ina rabona? Amsarta ma a cikin gaisuwa take zuwa: "Gonarka tana nan lafiya, ƙanenka ne ke nomawa."

A ɗauki misali da wasiƙar da wani gida zai aika wa ɗansu da ke Jidda a tsakiyar shekarun 1980. An ji wani maƙwabci zai tafi aikin Hajji, sai a kira yaro ɗan aji shida bayan sallar isha'i, a ciro falle biyu daga tsakiyar littafinsa. Maigida ne zai fara magana, da sunansa takardar za ta fito. Sai a bi da baffanni bisa shekarunsu, sai iyaye mata, sai yayye, sai ƙanne, sai limami da mai unguwa. Wannan jeri ba a wasa da shi. In yaro ya gaji ya taƙaita da "kowa da kowa yana gaishe ka," za a sa shi ya sake, domin wanda ke can zai bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda bai gani ba zai ɗauka ko ya rasu ko an ɓata da shi. In gwaggo ta ji ba a saka ta ba, maganar za ta kai shekara.

Mahaifiya kuwa, in ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. Daga bakin ƙofa za ta ce, "Ka ce masa ya riƙe salla," shi ke nan, yaron ya rubuta "Inna tana sa maka albarka." Matarsa ba za ta ce komai a gaban surukai ba, gaisuwarta tana cikin layin da ke cewa yara suna lafiya, ƙaramin ya fara tafiya. Wannan kunya tana da dalili na biyu. Wani ne ke rubuta takardar, watakila wani ne zai karanta masa ita a can, a ɗakin da mutum biyar ke kwana. Sirrin gida ba ya shiga irin wannan takarda, sai dai a raɗa wa alhajin da zai kai ta.

Labarin rashin lafiya shi ne ya fi buƙatar kunne. "Muna lafiya ƙalau" yana nufin abin da ya faɗa. "Baba ya ɗan yi zazzaɓi amma da sauƙi" yana nufin har yanzu yana kwance, musamman a wurin da ruwa ke kwance a gonaki rani da damina, sauro bai da hutu. In aka ce "sai dai addu'a," ko aka ƙara da "yana son ganinka," to mai karatu ya fara neman kuɗin jirgi. Rasuwa ba a buɗe takarda da ita. Sai an gama gaisuwa, an tabbatar masa sauran suna nan, sannan a ce ya yi haƙuri, wane ya riga mu gidan gaskiya. Ina ganin tausayi ne tsantsa a wannan tsari, domin mutum yana nesa, ba wanda zai riƙe shi.

Kaset ya yaɗu a wajejen shekarun 1980, ya ba waɗanda ba su iya rubutu ba damar magana da bakinsu. A kewaye rikoda a tsakar gida, kowa ya gaisa, har a ji tarin kaka da kukan jariri, abin da ke faɗin gaskiyar lafiyarsu fiye da alƙalami. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta ɗan jima kafin ta wadata a ƙauyuka, kuma tsadar kira zuwa waje ta sa aka riƙa guntule gaisuwa ana kallon kati. Saƙon murya na WhatsApp ne ya dawo da ita da tsawonta. A 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa, ɗan'uwa a Saudiyya ko Libiya ya ga hoton gonar a ranar, ba wanda ya tsaya tsara masa labarin. Haka ma rasuwa: sau da yawa yanzu mutum yakan ga hoton mahaifinsa da "Allah ya jiƙan rai" a shafin wani kafin gida su kira shi. Shi ya sa a gidaje da dama, da zarar an yi rashi, abu na farko da babba ke cewa shi ne kada kowa ya ɗora komai sai an sanar da na waje.